Hoton 1997: mu huɗu a bakin ƙofa

Daga hagu: Yaya, ni, Auta, sai rabin Yaya Babba. Ɗayan rabin nasa bai samu shiga ba. Ƙaramar kyamarar nan tagar leƙawa daban, idon ɗauka daban, idan mai hoto ya matso kusa abin da ya gani ba shi ke fitowa daidai ba. Yaya Babba, ka yi haƙuri, kunnenka na dama dai ya fito sosai.

Ina shekara bakwai, haƙora biyu na gaba sun tafi hutu, amma an ce a yi murmushi kuma an yi.

Wannan rigar an saye ta ne da niyyar "zai girma ya same ta". An naɗe hannun sau uku. Ban same ta ba sai da ta koɗe, daga nan ta gangara wurin Auta.

Masu tambayar jan idon nan, lafiyarmu ƙalau. Da magariba aka ɗauka, ƙwayar ido ta buɗe saboda duhu, fitilar kyamara kuma tana dab da idon ɗauka. Haske ya shiga ya bugi bayan ido ya dawo ja. Auta ce kaɗai ta tsira, domin ta rufe nata ruf.

Fim ɗaya hoto 36 ne, babu gogewa, babu "mu gani". Sai an cinye fim an kai wanki kafin ka san ko kana da kai. Shi ya sa kowa ya ƙame kamar an dasa shi.

Baba, wannan inuwar mai ruwan hoda a kusurwar sama ɗan yatsanka ne. Mun daɗe da sani, kunya ce ta hana mu faɗa.

Kada ku yarda da kwanan watan da ke ƙasan hoton. An canza batir ba a saita agogo ba, sai ya koma farko. Idan aka bi ta tasa, an ɗauki Auta hoto tun ba a haife ta ba.

A'a, bangon ba ja ba ne, shuɗi ne. Hoton ya yi shekaru a rataye, rinin shuɗin ya gudu ya bar ja da ɗorawa.

Umma ba ta cikin hoton, amma tana nan. Ku dubi yadda duk muka karkata ido gefe guda, hannaye a miƙe, babu mai motsi. Tana tsaye bayan Baba, ba ta ce komai ba, kallo ɗaya ta yi.

Yaya, takalmin da ke ƙafarki nawa ne, kuma har yau ina jira.