A Bar Ajami a Jikin Naira

[HOTO: Hannu riƙe da takardar dubu ɗaya. A matso da kyamara kan lanƙwasasshen rubutun da ke jikinta, har ya cika allo.]

MURYA: Karanta min wannan. In ka ce Larabci ne, ka kuskure. "Naira dubu" aka rubuta, da Hausa tsantsa. Balarabe "alf" yake ce wa dubu. Haruffan kawai muka aro, kamar yadda bokon ma aron haruffan Turawa ne. Ni dai ra'ayina a bar wannan rubutu inda yake, a kuma mayar da shi inda aka cire shi.

[HOTO: Tsohuwar naira ashirin da sabuwa, kafaɗa da kafaɗa. A sa 2007 a ƙasa. Sai tsohuwar ɗari da ta 2014.]

MURYA: A 2007 Babban Bankin Najeriya ya cire ajami daga naira biyar, goma, ashirin da hamsin. A 2014 sabuwar ɗari ta bi sahu. Saura ɗari biyu, ɗari biyar da dubu.

Masu son a ƙarasa cirewa suna da hujja, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba.

[ALLO: Sashe na 10 na kundin tsarin mulki na 1999. A ja layi ƙarƙashinsa.]

MURYA: Suna cewa gwamnati ba ta da addinin hukuma, to me ya kawo rubutun Alƙur'ani jikin kuɗinta? Gaskiya ne ta hanyar Musulunci haruffan suka zo mana. Amma a nuna min aya a jikin takardar nan. Babu. Lissafi ne kawai. Da ajamin nan iyayenmu suke aika wasiƙa, suke rubuta bashi, har da maganin basir.

[HOTO: Shafin waƙar Hausa ta Nana Asma'u da ajami. A bar shi daƙiƙa biyar, ba kiɗa.]

MURYA: Wannan baiwar Allah ta rasu kafin Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909. Da me ta rubuta Hausarta?

Wasu kuma su ce ai kowa ya san dubu da launinta. To haka ne, amma in launi ya wadatar, a goge Turancin ma.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta adalci. Bayarabe da Ibo za su ce: a manyan takardu ina namu harshen? Wannan kam sun yi gaskiya. Sai dai maganinsa ƙari ne. Ƙananan takardun sun ɗauki Hausar boko da Yarbanci da Ibo ba su yage ba. A yi wa manyan haka, a bar wa ajami layinsa.

[HOTO: Dattijo mai sayar da turare a Kasuwar Kurmi, da izininsa. A miƙa masa hamsin, sannan ɗari biyar. Kada a sa masa baki. A riƙe kyamara kan yatsansa yana bin rubutun daga dama zuwa hagu.]