Ƙorafi: na soke rajista tun Afrilu amma kuna ta cire mani kuɗi, ku maido mani N31,500

Katsina, Laraba 8 ga Oktoba 2025

Zuwa ga Manajan sashen kula da kwastomomi,

Assalamu alaikum. Malam Manaja ina fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Ban so abin ya kai ga rubutu ba wallahi, don ni ba mutum ne mai son hayaniya ba, amma na kira waya na tura saƙo na yi haƙuri har wata uku, yanzu tura ta kai bango. Kuɗina nike so ku maido mani, na wata shida cif da kuka cire bayan na soke rajista, jimla N31,500.

Bari in ɗauko maka maganar daga tushe don kada a sake ce mani "ba mu gane ba". Ni ɗan kasuwa ne, yadi da shadda nike saidawa a babbar kasuwar Katsina, gidana kuma yana wajen Ƙofar Ƙaura. A watan Janairun bana ɗiyata ta fari tana shirin JAMB, ta zo mani da maganar manhajarku wai ƙawayenta duk da ita suke bitar tambayoyin baya, akwai darasin Kimistiri da Fiziks na bidiyo, N4,500 ne kacal a wata. Na ce to Allah ya sa albarka, na ba ta katina na ATM mai ƙarewa da 2086, muka sa lambobin nan goma sha shida da ranar ƙarewar kati da ukun nan na baya, banki ya turo OTP muka sa, aka cire kuɗin farko ran 5 ga Janairu. Haka aka cire na Fabrairu da Maris da Afrilu, wata huɗu kenan N18,000, kuma waɗannan ban da magana a kansu, halas ɗinku ne. Yarinya ta yi amfani da abin sosai, har cikin azumi bayan sahur ba ta komawa barci tana nan tana latsa waya. Gaskiya ɗaya ce, darasinku ba laifi, ba shi ya kawo ni ba.

Ta rubuta jarabawa ƙarshen Afrilu. Ranar Talata 29 ga Afrilu bayan sallar isha'i na zaunar da ita a tsakar gida na ce ta nuna mani inda ake soke abin, don na san halin irin waɗannan abubuwa. Ai kuwa sai da muka sha wuya kafin mu gano wurin, shiga latsawa ɗaya ce amma fita sai ka bi lungu-lungu kamar mai neman gida a cikin tsohon gari, ana ta tambayarka ka tabbata, me ya sa za ka tafi, ga ragin kashi kaza in ka tsaya. Muka dai daure muka danna "Cancel subscription", allo ya nuna "Your subscription has been cancelled", da ƙarfe 9:14 na dare kuma imel ɗinku ya shigo yana faɗin haka. Allah ya taimake ni yarinyar ta ɗauki hoton allon, imel ɗin ma yana nan ba a goge ba, duka biyun na haɗo su da wannan takarda. Kwana shida kenan kafin ranar cirewa ta gaba, don haka babu zancen wai na makara.

To ran 5 ga Mayu kuka cire N4,500. Ran 5 ga Yuni kuka sake cire N4,500, ranar Arfa fa, jajiberin babbar sallah, ranar da mutum ke lissafin kuɗin kayan miya da na mahauci da goron sallar yara. Waɗannan biyun ban ma lura ba, kuma na san za ku ce me ya sa, to in gaya maka, asusun nan shi ne na shago, kuma duk wanda ya san kasuwar yadi ya san yadda take daga bayan ƙaramar sallah zuwa babba, alat sai ya shigo sau talatin a rana, wannan ya turo kuɗin yadi biyar wancan na shadda goma, wa ke da lokacin bin ɗaya bayan ɗaya. Sannan sunan da ke fitowa a alat ɗin ma ba sunan manhajarku ba ne, wasu haruffa ne a dunƙule da lambobi, na ɗauka cajin banki ne irin nasu da ba ya ƙarewa.

Sai ran 5 ga Yuli, ranar Asabar da safe kasuwa ba ta buɗe sosai ba ina zaune ina shan shayi, alat ya shigo an cire N4,500 alhali katina na cikin aljihuna ban sayi komai ba. Gabana ya faɗi na ce shikenan ƴan damfara sun same ni. Ranar Litinin na rufe shago na tafi banki, na bi layi tun goma sai bayan azahar na samu ganin ma'aikaciya, ta buga mani sitatimen ta ja layi a wuri uku ta ce Alhaji ai wannan kamfani ne ka ba izini. Na ce wane izini, ni da ban ga OTP ba? Ita ce ta yi mani bayanin da ku ba ku taɓa yi mani ba, wai tun ranar farko da na sa kati aka ajiye maku wata shaida ta katin, daga nan duk wata ku ne kuke turo buƙatar cirewa ba sai an tambaye ni PIN ko OTP ba, su banki biya kawai suke, in ana so ya tsaya ko dai ku ku tsaida daga wajenku ko ni in toshe katin gaba ɗaya. Kenan duk wata da hannunku kuke miƙowa cikin asusuna, ba kuskuren banki ba ne balle wani ya ce matsalar netwok.

A ranar na kira layinku. Wani saurayi ya ɗauka, mai ladabi ba laifi, ya duba ya ce e lallai ya ga an soke tun 29 ga Afrilu, matsala ce daga na'ura, ya ba ni lambar ƙorafi 4471 ya ce cikin kwana bakwai na aiki kuɗina za su dawo kuma ba za a ƙara cirewa ba. Na yarda da shi, shi ya sa ban toshe katin ba, don da shi nike biyan kuɗin wuta da sauran abubuwa. Kuskurena kenan a duk wannan lamari, na ɗauki maganar ma'aikacinku da daraja.

Kwana bakwai suka wuce shiru. Ran 5 ga Agusta sai ga alat, wannan karon ma N6,000. Ashe kun ƙara kuɗi, kuma ƙarin ya hau har kan wanda ya riga ya fita! Ikon Allah. Mutum ya tashi daga gidan haya ya miƙa makulli, mai gida ya ci gaba da karɓar kuɗin wata har da ƙari, a ina aka taɓa yin haka? Na tura saƙo ta WhatsApp ɗinku da hotunan komai, aka amsa bayan kwana biyu wai in turo hoton shaidar sokewa, wanda yana nan sama kaɗan a cikin hirar, na sake turawa, aka ce an miƙa wa sashen kuɗi. Ran 5 ga Satumba N6,000. Na sake kira wata baiwar Allah ta ɗauka ta ce ita ba ta ga ƙorafi mai lamba 4471 a buɗe ba, an rufe shi tun Yuli an rubuta wai an warware. Wa ya warware, da wa aka warware? Ta buɗe sabo. Ran 5 ga Oktoba, Lahadin nan da ta wuce, N6,000 kuma. Washegari na je na toshe katin, na biya kuɗin sabo, na sake asarar rabin yini a layi.

Lissafin ba wuya. Mayu, Yuni, Yuli N4,500 sau uku N13,500. Agusta, Satumba, Oktoba N6,000 sau uku N18,000. An haɗa N31,500. Sitatimen na banki mai hatimi yana haɗe, na zagaye kowane da jan biro.

Akwai maganar da aka yi mani jiya a waya da nike so in rufe ƙofarta tun yanzu. Wai ƙa'idarku ba a maida kuɗin da ya wuce kwana talatin, saboda haka za a ba ni na Oktoba kawai, sauran a maida mani su wata shida kyauta a manhaja. Malam Manaja in yi me da wata shida kyauta? Yarinyar da aka yi don ita ta gama jarabawa, ta goge manhajar daga wayarta tun Afrilu, ƙaninta kuma yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Ku duba na'urarku, in kun ga an buɗe darasi ko ɗaya da asusun nan bayan 29 ga Afrilu na yafe kuɗin duka. Ita kuma ƙa'idar kwana talatin ɗin ta wanda ke cikin rajista ce ya canza ra'ayi, ni ban cikinta, ku da kanku kuka rubuto cewa na fita. Kuma ko da ita za a bi, tun 7 ga Yuli na kai kuka, jinkirin da ya biyo baya naku ne, ba zai yiwu ku ja ni wata uku da gobe-jibi sannan ku ce lokaci ya wuce ba.

Abin da nike nema shi ne a maido N31,500 cikakku cikin asusun da aka cire su, ba kati na ragi ba ba kyautar wata ba, kuɗi. A goge bayanan katina daga wajenku, a kuma rubuto mani a imel cewa an yi hakan, don maganar baki ta ishe ni. Kuɗin sabon kati da na mai da na kira da yini biyu da na rufe shago ban sa su a lissafi ba, na bar su.

Na ba ku mako biyu, zuwa Laraba 22 ga Oktoba 2025. In ranar ta wuce ban ga alat ba zan kai takardun nan gaba ɗaya hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa don irin wannan, kuma na riga na cike fom na ƙalubalantar cirewar a bankina ranar da na toshe kati, su ma in suka wuce mako biyu ba su yi komai ba akwai sashen kare kwastoma na Babban Bankin Najeriya. Sannan iyayen yara nawa ne a layinmu na kasuwa da suka sa wa ƴaƴansu manhajar nan saboda ni na yaba ta, tun shekaranjiya na fara ce masu kowa ya je ya duba alat ɗinsa na ran da ake cire mashi, mutum biyu sun ce za su je banki gobe.

Ku amsa mani ta imel ɗin da aka yi rajista da shi, kuma dan Allah kada a sake kira na ana ba ni haƙuri, na gaji da gafara sa ban ga ƙaho ba.

Wassalam,
Mai asusun da ke da ƙorafi lamba 4471,
Ƙofar Ƙaura, Katsina