Wasiƙa Zuwa Ga Iyayen Yara Kan Lemon Ƙara Kuzari

Ɗakin Shan Magani na Makaranta,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
Litinin, 12 ga Mayu, 2025.

Iyayenmu maza da mata, da duk masu riƙon ɗalibanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi muku fatan alheri, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Yaya muka ji da wannan zafi? Allah Ya kawo mana damina mai albarka.

Da izinin shugabar makaranta nake rubuto muku game da lemon nan na gwangwani da na roba da ake kira lemon ƙara kuzari, wanda shansa ya yawaita a tsakanin yaranmu, musamman 'yan manyan azuzuwa da ke fama da jarrabawar WAEC, ga kuma NECO na tafe. Da yawa daga cikinmu mun ɗauke shi kamar sauran lemon kwalba, har mukan ba yaro kuɗinsa da hannunmu don muna tausayin wahalar karatu. Ba na ganin laifin kowa a kan haka, domin a firji ɗaya ake jera su a shago. Amma abin da ke cikinsa ya fi ƙarfin jikin yaro, kuma ina so ku ga lissafin da idonku.

Babban sinadarin da ke aiki a cikinsa shi ne kafeyin. Ba baƙo ba ne a wurinmu, shi ne yake cikin goro da ganyen shayi da kofi. Inda aka bambanta shi ne yawansa da kuma saurin da yake shiga jiki. Dattijo yakan ɓantari goro ya daɗe yana tauna, shayi kuma zafi yakan sa a kurɓe shi a hankali. Shi kuwa wannan da sanyinsa da zaƙinsa, yaron da ya kwaso rana yakan ɗaga shi bai sauke ba sai ya ga ƙarshensa. Ƙaramin gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana ɗauke da miligiram 80 na kafeyin, wato 32 a kowace mililita 100, kuma da yawa daga cikin ire-irensa adadin nasu a kusa da wannan yake. Idan robar mai rabin lita ce, lissafin ya kai miligiram 160. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 kuwa abin da ke cikinsa bai kai 35 ba.

A shekarar 2015 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi nazari ta ce iyakar abin da ba ta da fargaba a kansa ga yara da matasa shi ne miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyin jikinsu a yini guda. Yarinyar da ke da kilo 40, iyakarta 120 ke nan. Saurayi mai kilo 50, iyakarsa 150. To kun ga roba ɗaya tak mai rabin lita ta riga ta tsallake da su duka biyun, tun ba a haɗa da shayin da aka sha da safe ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ba ta tsaya yin lissafi ba, tun 2011 ta ce bai kamata yara da matasa su sha irin wannan lemo ba kwata-kwata. Ƙasar Lituwaniya ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba tun 2014. Mu a nan, yaro ɗan firamare zai miƙa kuɗi a shagon bakin layi a miƙo masa, don haka tsaron ya dawo kanmu a gida da makaranta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda yaran suka yi imani cewa ƙarfi yake ba su. Ga abin da yake faruwa a zahiri. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne yake sanar da ita cewa an gaji, a je a kwanta. Kafeyin yana zuwa ya tare gurbin da wannan sinadari yake zama, sai saƙon gajiyar ya kasa isa. Gajiyar tana nan daram, jin ta ne aka daina. Kamar mai adaidaita sahu ne ya rufe agogon mai da tsumma ya ci gaba da tafiya: man bai ƙaru ba, kuma inda zai mutu masa ba zai zaɓa ba. Shi ya sa idan kafeyin ya saki yaro sai gajiya ta taso masa gaba ɗaya, ya ji ba abin da zai tashe shi sai wata robar.

Kuma ba ya saurin barin jiki. Akan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya fita. Yaron da ya sha miligiram 160 bayan sallar magariba, wajen ƙarfe 12 na dare akwai sauran kusan 80 a jininsa, daidai da a ce a lokacin ya shanye ƙaramin gwangwani. Zai kwanta yana juyi, barcin da zai samu ba mai nauyi ba ne, da asuba a sha fama kafin a tashe shi salla. Matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka karanta ta adana shi. Wanda ya raba dare yana haddar darasi da ƙarfin lemo, shi ne yake shiga ɗakin jarrabawa ya ga tambayar da ya sani amma amsar ta ƙi zuwa.

A makon jiya malamar aji ta riƙo hannun wani ɗalibi ta kawo min shi ana tsakiyar darasi. Tafin hannunsa ya jiƙe da gumi, yatsunsa na rawa har ya kasa riƙe kofin ruwan da na miƙa masa, yana ta dafe ƙirji yana cewa, "Anti Nas, zuciyata kamar za ta fito." Da na kama wuyan hannunsa na ƙirga, bugun ya haura 120 a minti ɗaya alhali yana zaune. Da na lallaɓa shi sai ya gaya min ya sha roba ɗaya da daddare don karatu, ya ƙara wata a hanyar makaranta, kuma ko karyawa bai yi ba. Yaro ne mai natsuwa da ƙoƙari, so yake ya faranta wa iyayensa rai da sakamako mai kyau. Ya huta, ya sha ruwa, ya ci abinci, mahaifinsa ya zo ya kai shi likita ya duba, kuma alhamdu lillahi ya samu sauƙi. Wasu kuma da ciwon kai suke zuwa, ko zafin ƙirji da tashin zuciya, ko saurin fushi da rashin natsuwa a aji.

Sai kuma sukari. Wancan ƙaramin gwangwani mai mililita 250 yana da giram 27. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4, kenan cokali kusan 7. A rabin lita mai irin wannan haɗi, ana maganar giram 54, cokali 13 da ɗoriya. Babu uwar da za ta tsaya tana kallo ɗanta ya zuba cokali 13 a kofin koko ba ta riƙe hannunsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke samu na kuzari a yini, kuma ya fi kyau a sauko ƙasa da kashi 5, wanda ga babban mutum bai wuce cokali 6 ba. Sukarin da aka sha a ruwa ba ya ƙosarwa, yana dai kashe sha'awar abinci na ɗan lokaci, sannan idan aka ɗore a kai yana kawo ƙiba da haɗarin ciwon sukari idan an girma. Haƙora kuwa ba sa jiran girma, domin ban da sukarin akwai tsami a lemon da ke cinye bayan haƙori. Wanda aka rubuta babu sukari a jikinsa ma kafeyin ɗinsa da tsaminsa suna nan.

Kamfanoni sun bambanta, wani ya fi wani yawa, don haka ku juya bayan robar ku duba. Sau da yawa adadin da aka rubuta na mililita 100 ne kawai, sai kun ninka shi gwargwadon girman robar, wato sau 5 idan mai rabin lita ce. Idan kun ga an ambaci gwarana a jerin kayan haɗi, wannan 'ya'yan wata shuka ce ta ƙasar Barazil, ita ma kafeyin ce a cikinta. Da yawa ma sun rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa bai dace da yara da masu ciki da masu shayarwa ba.

Ina roƙo na musamman ga iyayen yaran da ke da sikila, ko ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ko gyambon ciki, ko masu asma da ke shaƙar maganin buɗe ƙirji, wanda shi ma yakan ƙara bugun zuciya. Waɗannan kada su kusance shi ko kaɗan. Mai sikila ruwa ne abokinsa a wannan zafi, kuma yaron da ya cika ciki da lemo ba ya neman ruwa. Haka 'yan ƙwallo da ke sha kafin su shiga fili da la'asar: zuciya na gudu saboda wasa, ga rana, ga kafeyin na ƙara ingiza ta. Idan yaro ya yi kukan ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya yanke jiki ya faɗi bayan ya sha, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko zuwa kemis, a wuce asibiti mafi kusa, a tafi da robar don likita ya gani.

Idan kun gano ɗanku ya riga ya saba, don Allah kada a fara da duka ko tozarci. A zaunar da shi a tambaye shi nawa yake sha, da yaushe, da dalili. Wanda ya saba sha kullum idan ya daina rana ɗaya zai iya samun ciwon kai da kasala, yawanci daga washegari, kuma yakan wuce cikin mako guda. Gara a rage masa sannu a hankali, a fara da yanke na yamma da na dare. A tabbata ya karya kafin ya fito, ko da koko da ƙosai ne, a ba shi gorar ruwa, a kuma san inda kuɗin tararsa yake tafiya. Fura da nono, kunun aya, kankana, duk suna nan a wadace. Zoɓo ma yana da kyau, in dai ba a tula masa sukari ba. Iyaye maza da yayye masu sha saboda tuƙi ko aikin dare, a daure a daina ajiye shi a firjin gida ko aiken yara sayowa.

A namu ɓangaren, daga Litinin mai zuwa, 19 ga wata, ba za a bar ɗalibi ya shigo da wannan lemo harabar makaranta ba, kuma mun yi magana da masu sayar da abinci a bakin ƙofa sun ba mu haɗin kai. Ranar Asabar, 17 ga wata, da ƙarfe 10 na safe, zan kasance a taron iyaye da malamai da sikeli da ƙaramin cokali, duk mai so ya zo da robar da yaronsa ke sha mu yi lissafin tare. Wanda bai samu dama ba, ko yake son magana a keɓe, ƙofata a buɗe take kowace ranar makaranta daga ƙarfe 8 na safe zuwa tashi.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba 'yan jarrabawa sa'a.

Wassalam.

Taku,
Nas ɗin Makaranta