Buhu tara na ɗaure, bakwai suka kai bazara lafiya

Bara bayan kaka na rubuta wa 'yan'uwana manoma bayani a kan ajiyar wake a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS. A lokacin ko buhu ɗaya ban kwance ba, yabo kawai na yi ta zubawa. Yanzu na kwance duka taran da na ɗaure, na ga wanda ya yi kyau da wanda ya ɓaci, shi ya sa ya zama wajibi in sake bayanin tun daga tushe, kada wani ya bi maganata ta farko ya yi irin asarar da na yi.

Gonata tana kan hanyar Zango, ba nisa da Daura. Gero nake shukawa in ratsa wake a tsakani, kamar yadda muka taso muka tarar. Shekara da shekaru ina gama sussuka nake kai waken kasuwar Mai'adua in sayar a farashin kaka, lokacin da kowa ya kawo nasa, dillali yana taya maka yana kallon wani wajen. Tsoron ƙwaro ne yake sa mu wannan gaggawa. Ƙwaron wake tun a gona yake saka ƙwai a jikin kwanso, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar, ka kawo shi gida da hannunka ba ka sani ba. Idan ana zafi, cikin mako uku zuwa huɗu ya ƙyanƙyashe ya fito ya sake saka wani ƙwan. Kafin wata uku sai ka ɗebo wake a hannu ka ga kowace ƙwaya da ƙofa biyu ko uku, ƙasan buhu kuwa duk gari.

Maganin da yawancinmu muka sani shi ne fiya-fiya da ƙwayar nan da ake ce wa bam. Ni na daina, kuma ina roƙon duk wanda ya ji maganata ya daina. Bam iskar guba yake fitarwa, wanda ya kwana ɗaki ɗaya da buhun da aka saka masa yana iya rasa ransa. Fiya-fiya kuwa saboda yawan gubarsa da aka samu a jikin busasshen waken Najeriya ne Tarayyar Turai ta hana shigar da shi ƙasashenta a 2015. Abin da Bature ya ƙi karɓa a tashar jirgin ruwa, shi muke jiƙawa mu yi wa 'ya'yanmu ƙosai da alale. Wannan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Shi buhun PICS masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da dabararsa, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Ba a saka masa magani ko kaɗan. Ledoji biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje. Idan ka ɗaure da kyau, ƙwarin da suke ciki su da kansu za su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Duk sirrin a nan yake, kada iska ta samu hanyar shiga.

Ga yadda na yi, kuma har gobe haka zan yi. Na shanya waken har sai da na ciji ƙwaya na ji ta ce ƙas, domin wake mai danshi in ka toshe shi a leda fumfuna zai yi. Na sheƙe, na tsince tsakuwa da guntayen kara, su ne suke huda leda daga ciki. Kowace leda sai da na hura mata iska na matse bakinta na saurara ko zan ji tana huci. Na zuba kusan tiya 40 a kowane buhu, ina girgizawa don ya zauna, na danne iska ta fita, na murɗe bakin ledar ciki na lanƙwasa na ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan na waje shi kaɗai. Ɗauri uku daban-daban. Wanda ya haɗa su ya ɗaure gaba ɗaya don sauri ya ɓata kuɗinsa.

A watan Mayu na kwance. Buhu bakwai suka fito fes, fari tas kamar ranar da aka zuba, sai 'yan matattun ƙwari a saman. Uwargida ta ɗebo ta shinshina, ba warin komai, a ranar ta yi mana wake da shinkafa. Kuɗin da na samu a kansu ya saya mini taki kafin ruwa ya sauka, abin da ban taɓa yi ba tare da cin bashi ba.

Sauran biyun su ne na jingina da bango a lungun ɗakin ajiya, kai tsaye a kan daɓe. Tun ina kwance igiyar farko na ji ɗumi a tafin hannuna, gabana ya faɗi. Ina buɗe leda ƙwari suka taso mini a fuska. Da muka juya buhun sai ga ƙofa a can ƙasa ta gefen bango, ba ta fi kan ɗan yatsa ba, da kashin ɓera a wurin. Ɓeran bai ci ko rabin tiya ba, amma ya buɗe wa iska hanya, ƙwari suka farfaɗo suka ƙarasa aikin. A bayanina na bara ko sau ɗaya ban ambaci ɓera ba, wannan kuwa laifina ne.

Goggo ta zo ta tsaya a kaina ina tankaɗe garin, ta ce, "Sannu ɗan nan, Allah ya mayar da alheri. Mu a da in za mu ajiye iri, tulu muke samu mu cakuɗa waken da toka, mu liƙe baki da laka, ɓera sai dai ya zagaya ya wuce." Na ce, "Gaskiya ne Goggo, amma toka nawa za ta ishi buhu tara?" Ta ce ai shi ya sa su iri kaɗai suke ajiyewa haka. Na yi tunanin jarka da duro, su ma suna toshe iska kuma ɓera ba ya iya musu. Sai dai jarka ɗaya tiya kaɗan take ɗauka, duron ƙarfe mai murfi mai kyau kuma ya yi mini tsada.

Bana ina sa ran buhu 12 in Allah ya yarda, roro ya rage 'yan makonni, kuma ɗakin nan na laka shi kaɗai gare ni. Ba na son saka maganin ɓera a inda abinci yake, ga yara suna shiga suna fita. Kawuna ya ce in kafa dandamali na itace, wani maƙwabci ya ce in kawo kyanwa kawai. Kafin in sayi katako ina so in ji daga bakin wanda ya gwada da hannunsa.

Kai da ka taɓa ajiye wake a irin wannan buhu a ɗakin laka har wata shida ɓera bai huda maka ko ɗaya ba, a kan me ka ɗora buhunan, kuma taku nawa ka bari tsakaninsu da bango?