Kawu, ga abin da takardar neman direban ta ce

Assalamu alaikum Kawu, barka da yamma. Na ga hoton da ka turo, na karanta. Makarantar kuɗin nan ta Tarauni ce ke neman direbobi biyu da za su riƙa jan bas ɗin ɗalibai. Ga fassarar:

"Ana neman direba ɗan shekara 30 zuwa 50, wanda ya yi aƙalla shekara biyar yana tuƙi, kuma ya san hanyoyin cikin Kano. Dole ya kasance yana da lasin aji E wanda bai ƙare ba. A kawo takardar neman aiki rubutun hannu, da kwafin lasin, da takardar NIN, da hoton fasfo biyu, da wasiƙun masu tsayawa mutum biyu. Za a rufe karɓa mako biyu daga ranar wannan sanarwa. Waɗanda aka zaɓa kaɗai za a kira."

Maganar mako biyun nan ce ta sa ban jira gobe ba. Ba daga ranar da ka ga takardar ake ƙirgawa ba, daga ranar da aka rubuta a samanta ne, Litinin 3 ga Maris. Ke nan Litinin 17 ga wata za su rufe, ƙarfe biyu na rana, kuma yau Alhamis 13. Asabar da Lahadi ofis a kulle yake, saboda haka gobe da Litinin kawai suka rage maka.

Ciro lasinka yanzu ka duba harafin ajin da ranar ƙarewa. In B ne, na ƙananan motoci ne, ba shi suke nema ba. In kuma ya ƙare, sai ka je sabuntawa wajen 'yan rod sefti, in na wucin gadi za su ba ka, a fara tambayar makarantar ko za ta karɓa.

Masu tsayawar, an ce ɗaya ya zama ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 8 ko sama. Ina ganin maƙwabcinka malamin sakandare zai yi, ka same shi yau bayan isha'i. In takardar NIN ta ɓace, danna `*346#` a layin da ka yi rajista da shi, lambar za ta fito, sai a buga maka wata.

A haɗa komai a ambulan, a rubuta `APPLICATION FOR DRIVER` a bayanta, ka kai ofishin shugabar makaranta da kanka. Kwafi za ka bayar, asalin takardunka su zauna a hannunka. Ba a ambaci kuɗin fom ko'ina ba, duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce kawo wani abu, wuce shi.

Layin albashi kuwa babban yatsanka ya rufe shi a hoton, sai ka sake ɗauka. Zan biyo da safe da farar takarda mu rubuta wasiƙar tare. A gaida Inna.