Tsarin atisayenka na mako shida kafin kafaɗar dama ta warke

Assalamu alaikum ƙanena. Ga tsarin da na ce zan rubuto maka. Ka ajiye shi a waya, ka riƙa dubawa duk ranar da za ka shiga jim.

Na karanta takardar da likita ya ba ka. Babu karaya, babu gocewar ƙashi. Jijiyar ɗaya daga cikin ƙananan tsokoki huɗun nan da ke riƙe kan ƙashin dantse a gurbinsa ce ta ji rauni ta kumbura, shi ya sa hannun ke maka zafi idan ka ɗaga shi ta gefe ya kai saitin kafaɗa, kuma shi ya sa kwanciya a kansa ke tashe ka da dare. An ce mako shida hannun dama ba ɗaga nauyi sama da kai, ba tura nauyi. To wannan umarnin shi ne a gaba, nawa a baya. Duk inda maganata ta saɓa da ta likita ko ta mai gashin ƙashin da yake duba ka, bi tasu.

Amma maganar da ka yi jiya cewa za ka zauna gida har sai ka warke, ban yarda da ita ba. Kafaɗa ɗaya ce ta samu matsala. Cinyoyinka, ɗuwawu, ciki, gadon baya, hannun hagu da huhunka duk lafiyarsu lau, kuma mafi yawan naman jikin mutum daga ƙugu zuwa ƙasa yake, inda ku samarin jim ba ku cika kula da shi ba saboda ba ya fitowa a hoto. Wannan mako shidan na ƙafafu ne.

Abin da za ka ajiye gaba ɗaya: tura sandar ƙarfe a kwance a benci, fires-of, tura ƙarfe sama da kai, jan jiki sama a jikin sanda, da wannan saukar da jiki tsakanin ƙarafa biyu da kake so. Har da sikwat da sandar ƙarfe a bayan wuya. Na san za ka ce ai sikwat aikin ƙafa ne. Haka ne, amma kafin ka riƙe sandar sai ka buɗe hannu gefe ka murɗa shi baya, kuma wannan murɗawar ce daidai inda jijiyar take ciwo.

Litinin, ƙafafu masu nauyi. Fara da keken tsaye minti 8 har gumi ya fara tsattsafowa, hannun dama a kan cinya. Daga nan injin tura ƙafa: zubi 4, sau 8 zuwa 10 kowane zubi, da nauyin da idan ka gama kana jin saura biyu kacal za ka iya ƙarawa. Kada ka finciki maƙalan gefen kujera da hannun dama lokacin da nauyin ya yi tsanani, ɗora shi a ciki kawai. Sai sikwat na ƙafa ɗaya: ƙafar baya a kan benci, dambel a hannun hagu, zubi 3 sau 10 kowace ƙafa. Wannan shi zai maye maka gurbin sandar, kuma za ka ji shi washegari lokacin tsugunno. Bayansa injin lanƙwasa ƙafa don bayan cinya, zubi 3 sau 12, ka rufe da ɗage a kan yatsun ƙafa don sha-raɓa, zubi 4 sau 15.

Laraba ranar hannun hagu da ciki ce, kuma a nan nake so ka fahimci dalili, don na san abin da ke ranka: kada hagu ya girma dama ya tsotse, ka koma wani iri. A mako shida hakan ba zai faru yadda ido zai gani ba. Abin da masu nazarin motsa jiki suka daɗe da tabbatarwa ma shi ne, horar da hannu mai lafiya da nauyi sosai yana taimaka wa wanda aka ajiye ya riƙe wani kaso na ƙarfinsa, domin ƙarfi ba a tsoka kaɗai yake ba, yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke aika wa tsoka saƙo, kuma horon gefe ɗaya yana taɓa hanyoyin saƙon gefe biyun. Saboda haka yi da gaske. Kwanta a benci ka tura dambel da hagu, zubi 4 sau 8, ƙafafu a kafe a ƙasa don kada nauyin ya juya ka. Ja dambel ko igiyar inji zuwa ƙugu da hagu, zubi 4 sau 10. A nan ka lura: yadda aka saba yi shi ne a dafa benci da ɗaya hannun, kai kuwa ba za ka dafa ba. Jingina ƙirji a benci mai tudu, ko ka yi a zaune a inji. Sai tura dambel sama da hagu a zaune, zubi 3 sau 10, da naɗe ƙwanji zubi 3 sau 12. Ɗauki dambel mai nauyi a hagu ka yi tafiya taku 40 kana miƙe sambal ba karkacewa, sau 4. Wannan aikin gefen ciki ne fiye da na hannu. Na ciki kuma, kwanta rigingine, danna bayanka a ƙasa, ka riƙa miƙe ƙafa ɗaya bayan ɗaya a hankali, zubi 3 sau 12. Duk wani na ciki da ake dogara a kan gwiwar hannu ko a yi lilo da sanda, bar shi tukuna.

Juma'a da safe ƙafafu kuma, amma ta baya. Ɗaga ƙugu: allon baya a gefen benci, sanda a kan ƙugu da tawul a naɗe a ƙarƙashinta, zubi 4 sau 10. Abokin atisayenka ne zai ɗora maka sandar ya kuma ɗauke, kai hannun hagu kawai za ka sa ka tare ta. Sai sunkuyo da ƙafa ɗaya, dambel a hagu, zubi 3 sau 10. Hawa benci da sauka, zubi 3 sau 12. Injin miƙe ƙafa, zubi 3 sau 15.

Kowane mako a samu ƙari a wani wuri, ko kilo 2.5 zuwa 5 a kan injin ƙafa, ko sau ɗaya zuwa biyu a kan kowane zubi. Rubuta a littafi. Idan lambobin ƙafa da na hagu suna hawa, kana ci gaba ko da madubi bai faɗa maka ba.

Ranar da ba ka samu zuwa jim ba, ledar fiya wata ɗaya rabin kilo ce, jaka guda mai leda 20 kilo 10 ke nan. Zuba su a jakar goyo ka yi sikwat na ƙafa ɗaya da hawa dakali a gida. Idan igiyar jakar tana danna inda ke ciwo, rungume ta a ƙirji da hagu. Talata da Asabar kuma tafiya mai sauri ko sassarfa minti 30, ko a unguwa ko ka zagaya wajen filin wasa na Giginya. Yi bayan sallar Asuba. Zafi ya fara shigowa, kuma ka san yadda Sakkwato take daga Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi yana haura 40 da rana. Idan gudu yana girgiza kafaɗar, koma tafiya ko keke.

Yanzu abin da ya fi damuna. A abin da na gani a wurin nan, masu ciwon kafaɗa ba a cikin zubi suke fama ciwonsu ba, a tsakanin zubi ne. Mutum ya gama tura ƙafa lafiya, ya tashi ya ciro faifan kilo 20 daga ƙugiyar da ke saitin kansa da hannu biyu, shi ke nan aikin mako biyu ya rushe. Don haka faifai masu nauyi wani ne zai loda maka, ba abin kunya ba ne. Dambel kuma daga ƙasa ko daga kan benci za ka ɗauka, da hagu. A waje ma haka: jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, kada dama ta taɓa ta. Ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya, tura shi idan mai ya ƙare, miƙa hannu kujerar baya ta mota ka jawo kaya, duk suna cikin abin da aka hana. In ka hau kabu-kabu kada ka maida hannun dama baya ka riƙe kariya, rami ɗaya ya isa. Wajen sa riga, hannu mai ciwo ne zai fara shiga, wajen cirewa shi ne na ƙarshe. A sujada ka sauka a hankali, gwiwar hannun dama kusa da jiki, ka tashi da ƙarfin ƙafa da hagu. Da dare kwanta ta hagu ka rungumi filo don hannun dama ya samu abin hawa.

Ita kafaɗar ba a ɗaure ta a bar ta ba, domin gaɓar da aka daina motsawa sandarewa take yi. Motsin da mai gashin ƙashi ya nuna maka, yi shi kullum kamar shan magani: sunkuyo ka saki hannun yana lilo a hankali; tsayawa gefen bango, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ka danna bayan hannu a bangon na daƙiƙa 10 ba tare da hannun ya motsa ba, sau 5; da tafiyar yatsu a jikin bango zuwa inda zafi ya fara. Robar ja sai ya ba da izini.

Ma'aunin zafi da za mu yi aiki da shi daga 0 zuwa 10 ne. Ɗan jin ciwo har zuwa 3 a lokacin waɗannan motsin ba komai, muddin ya lafa kafin washegari. Idan ya wuce haka, ko ya soke ka kamar allura, ko daren ya fi na jiya wahala, an yi yawa, a rage. Shi ya sa ba na so ka sha maganin kashe zafi kafin atisaye: zai rufe maka abin da muke aunawa, kuma irin su dikulofenak da ibufurofen suna wahalar da ƙoda idan mutum yana zubar da gumi bai sha ruwa sosai ba. Taramol kuwa ko a ba ka kyauta kada ka sha. Za a kuma ba ka shawarar zuwa wurin mai ɗori ya ja hannun. Ba ƙashi ne ya goce ba, babu abin da za a mayar, ja da murɗa sai dai su ƙara wa jijiyar rauni.

Abinci kada ka rage da sunan ba ka cikakken atisaye. Kilonka 70, kana buƙatar kusan giram 110 na furotin a rana. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, saboda haka ƙwai kaɗai ba zai kai ka ba. Haɗa da wake, awara, ƙuli-ƙuli, nono a cikin fura, da nama ko kifi sau ɗaya a rana, in ka bi ta Kwalkwalawa inda ake sayar da kifi ka san abin yi. Barci awa 7 zuwa 8.

Idan hannun ya fara mutuwa ko yana yi maka yam-yam har yatsu, ko ka wayi gari ka kasa ɗaga shi sam, ko kafaɗar ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi, kada ka jira ranar da aka ba ka, koma asibiti ranar. Haka nan ciwon kafaɗa ko hannu da ya zo da nauyin ƙirji da gumi da ƙarancin numfashi, wannan ba na jim ba ne, na gaggawa ne.

A ƙarshen mako na shida, idan likita ya sallame ka, kana ɗaga hannun dama har sama daidai da hagu ba zafi, kuma kana kwana a kansa, za mu fara da fires-of a jikin bango, sannan tura dambel a kwance a ƙasa da nauyin da bai kai rabin wanda ka saba ba. Sama da kai shi ne zai zo ƙarshe. Ranar Litinin ka zo da littafinka da takardar mai gashin ƙashin, ƙarfe shida da rabi, mu auna nauyin da za ka fara da shi a injin ƙafa.

Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaida su Baba.

Yayanka, koci.