Saƙo zuwa ga mai farmasi kafin in saye magani

Salamu alaikum Malam, ina wuni? Hadiza ce daga Wadata, nan Tawa. Zancen Inna ne, ina son shawararka kafin in aiko yaro da kuɗi.

Tun ranar Lahadi zazzaɓi ya kama ta, ya fi tashi da dare, ga sanyi da makyarkyata, kai na sarawa. Na gwada zafin jikinta da safe, 38,7. Ta yi amai sau biyu jiya, amma yau ta sha kunu ya zauna. Hankalinta ɗaya, ba tari, ba gudawa. Fitsarinta dai ya yi ja, don ba ta shan ruwa sosai.

Shekarunta 64, kilo 58. Tana shan amlodifin 5 mg kowace safiya saboda hawan jini, da metformin 500 mg safe da yamma saboda sukari, shi ya sa nake tsoron rashin cin abincin nan. Na ba ta farasitamol 500 mg, guda biyu, ƙarfe 7 na safe. Amoksisilin ba ya karɓar ta, ƙuraje yake fito mata da su. Maƙwabciya ta kawo sassaƙe, ban bari ta sha ba.

Kuna gwajin maleriya nan wurinku, ko in kai ta likita tukuna? Kuma ta ci gaba da metformin duk da aman? Na gode, Allah ya saka.